Hoton Ya Ce Ƙarfe Shida, Mai Shi Ya Ce Huɗu

Tambaya: Abokin cinikina ya ce ƙarfe huɗu na yamma ya ɗauki hoton kayana a Kano, amma fayil ɗin ya nuna 18:00. Ƙarya yake yi?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin tuhumarsa. Layin DateTimeOriginal, wanda ya nuna 18:00 a bayanan fayil ɗin, agogon kyamara kawai yake kwafewa, ko daidai yake ko ba daidai ba. Nemi layin GPSTimeStamp, wanda ke bin agogon duniya na UTC. Najeriya na gaba da shi da awa ɗaya, Saudiyya kuwa da awa uku. In ka ga 15:00, ƙarfe huɗu ke nan a Kano, maganarsa kan lokaci ta tabbata. Tazarar awa ukun da ke tsakanin 15:00 da 18:00 tana iya nuna kyamarar na kan agogon Saudiyya: ko dai ya dawo daga Umara bai gyara ba, ko kuma can aka ɗauki hoton. GPSLatitude ne zai raba gardama: Kano na wajen digiri 12 arewa, Makka 21. Sai dai ana iya sauya waɗannan layuka, don haka ka karɓi ainihin fayil daga katin kyamarar.