Daga muryar waya zuwa takarda: yadda za mu tsara bayanin da muka ɗauko a wurin horo

Muchia da ke Sabon Garin Zariya ba ta da nisa da Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma a 1962 cibiyar ta shiga ƙarƙashin jami'ar. Mutanen wannan yanki sun saba jin malaman gona suna bayani a wurin taro. Sau da yawa ƙungiyar manoma ko zumuntar mata takan aiki mutum ɗaya ya je horo a madadin kowa. Yakan ɗauki muryar malamin a waya, ya dawo da ita gida.

A nan ne aikin yake tsayawa. Mutum talatin ba za su iya zama su saurari waya ɗaya na minti 40 ba. Ko an rubuta maganar duka, ba mai iya neman abu a cikinta ranar da yake bukata. A wannan darasi za mu ga yadda ake mai da doguwar magana ta zama shafi ɗaya mai tsari, ba tare da an yar da abin da zai ceci amfanin gonarmu ba.

Misalin da za mu bi

Bari mu ɗauka wata ƙungiya a Muchia ta aiki sakatariyarta wurin horo a kan ajiyar wake a buhun PICS. Wannan buhu ne mai leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinta suka soma yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Idan an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, sai ƙwarin wake su mutu don rashin iska. Sakatariyar ta nemi izinin malamin kafin ta ɗauki muryarsa, kuma haka ya kamata kowa ya yi.

Mataki na 1: A rubuta komai tukuna

Kada mu fara taƙaitawa tun muna sauraro. Mu rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi. Aikin yana cin lokaci: maganar awa ɗaya takan ɗauki awa huɗu ko fiye kafin a gama rubuta ta da hannu. Ya fi sauƙi mutum biyu su yi, ɗaya yana tsai da waya, ɗaya yana rubutu.

Mu bar fili a gefen hagu na kowane shafi, mu riƙa rubuta mintin da aka yi maganar. Inda ba mu ji da kyau ba, kada mu cike da tunaninmu. Mu ja layi, mu sa alamar tambaya. Ga wasu wurare daga rubutun sakatariyar:

- Minti 6: "To, jama'a, wato, shi wannan buhun, kun gane ko, leda uku ke cikinsa... a'a, ku gafarce ni, leda biyu ne, buhun waje shi ne na uku."
- Minti 11: "Kowace leda, e to, abin nan, sai a matse iskar ta fita, a murɗa bakin, a lanƙwasa, a ɗaure ta ita kaɗai."
- Minti 14: "Au, na manta ban faɗa ba, kafin ma a zuba, sai waken ya bushe sarai, a sheƙe shi."
- Minti 19: "Ba sai an, wato, kamar yadda muka saba, kun gane ko, zuba masa magani ba."
- Minti 33, amsar tambaya: "Ana iya sake amfani da shi baɗi mana, sai dai in ledar ta huje. Ku buɗe ta ta ɗauki iska, ku riƙe bakin ku danna, in tana sacewa to ta huje."
- Minti 36, amsar tambaya: "Ɓera kam yana fasa shi. A ɗora kan katako, kada ya jingina da bango."

Mataki na 2: A sheƙe ƙaiƙayi, a bar ƙwaya

Mai magana yakan cika bakinsa da kalmomi yayin da yake tunanin abin da zai faɗa gaba. Irin su "to", "e to", "kun gane ko", "abin nan", "yauwa", da gaisuwa, da raha, da maimaita magana ɗaya sau uku. Mu ja musu layi da fensir. Kada mu goge su, domin mai yiwuwa mu so komawa mu duba.

Hatsarin yana wurin ƙananan kalmomi waɗanda suke kama da ƙaiƙayi, alhali su ne ƙwayar. Akwai iri uku da ya kamata mu yi hankali da su.

Na farko shi ne kalmomin hani, wato "ba" da "kada". Mu dubi minti 19. "Ba" ta farko tana can farkon jimlar, ta biyu tana can ƙarshe, surutu ya shiga tsakaninsu. Mai gaggawa zai iya share farkon layin tare da surutun, ya rubuta "sai an zuba masa magani". Ya juya maganar ke nan. Iyali za su kashe kuɗi a banza, kuma su sa magani a abincin da yara za su ci.

Na biyu shi ne gyaran da malami ya yi wa kansa. A minti 6 ya ce leda uku, sannan ya gyara ya ce biyu. Maganar ƙarshe ce za mu ɗauka. Duk inda muka ji "a'a", ko "ina nufin", ko "ku gafarce ni", mu saurari wurin sau biyu.

Na uku shi ne sharaɗi: "sai dai", "in", "muddin", "kafin". A minti 33, idan muka rubuta "ana sake amfani da buhun baɗi" muka tsaya, wani zai zuba wake a leda mai huda. Iska za ta shiga, ƙwari su rayu, ya buɗe bayan wata huɗu ya tarar da gari. Haka kuma kowace lamba da kowane ma'auni, mu bar su daidai yadda aka faɗa.

Kalmar "wato" tana da fuska biyu. Wani lokaci cikon baki ce kawai. Wani lokaci kuwa bayanin wata kalma mai wuya ne ke biye da ita. Gwajin da za mu yi wa kowace kalma ɗaya ne: idan an cire ta, abin da manomi zai yi da hannunsa zai canja? Idan zai canja, a bar ta.

Mataki na 3: A tara kowace magana wurin 'yan'uwanta

Malami ba ya magana bi da bi kamar littafi. A misalinmu ya yi bayanin ɗauri a minti 11, sai a minti 14 ya tuna da shanya, wadda ita ce ta farko a aikace. Abubuwa biyu masu nauyi kuma ba su fito ba sai da aka yi tambaya a ƙarshe. Saboda haka kada mu yar da lokacin tambayoyi.

Mu karanta rubutun duka sau ɗaya, mu fitar da kawunan magana huɗu zuwa shida. Mu ba kowanne harafi, mu bi layi layi muna sa harafin a gefe. Sa'an nan mu kwashe duk masu A wuri ɗaya, duk masu B wuri ɗaya. Idan horon na aikin hannu ne, mu jera kawunan yadda ake yin aikin, ba yadda aka faɗe su ba. Ga abin da sakatariyar ta samu:

*A. Kafin a zuba*
- Wake ya bushe sarai, a sheƙe shi (minti 14).
- A gwada kowace leda da iska. Kada a yi amfani da wadda ta huje (minti 33).

*B. Zubawa da ɗauri*
- Leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje (minti 6).
- Ba a zuba magani (minti 19).
- A matse iska, a murɗa baki, a lanƙwasa, a ɗaure kowace leda ita kaɗai (minti 11).

*C. Wurin ajiya*
- A kan katako, nesa da bango, saboda ɓera (minti 36).

*D. Shekara mai zuwa*
- Ana sake amfani da buhun muddin ledar ba ta huje ba (minti 33).

Mu lura cewa minti 33 ya shiga wuri biyu. Wannan ba laifi ba ne. Mintin da ke ƙarshen kowane layi kuwa shi ne shaidarmu: idan gardama ta tashi, sai a koma daidai wurin a saurara.

Mataki na 4: A nuna giɓi, kada a cike shi a ɓoye

Tsari yana tona abin da ba a faɗa ba. Malamin ya ce wake ya bushe sarai, amma bai faɗi yadda za a gane ya bushe ba. Wata a ƙungiyar ta san ana cizon ƙwaya a ji ko ta fashe da ƙara. Shawara ce mai amfani, amma ba malamin ya faɗa ba. Sai a buɗe kai na ƙarshe mai suna "Abin da muka ƙara da abin da za mu tambaya", a sa ta a can. Idan muka gauraya maganarmu da ta malami, ba wanda zai san wadda zai dogara da ita. A saman shafi kuma a rubuta batun horon, da wurin, da ranar, domin shawarar noma takan canja da shekaru.

Mataki na 5: A gwada takardar

Mu nemi mutum ɗaya wanda bai je horon ba. A karanta masa takardar, a ba shi buhu da ɗan wake, a ce ya yi abin da ya ji. Kada kowa ya taimake shi. Idan ya haɗa ledojin biyu ya ɗaure su tare, layin nan bai fito sosai ba, sai a gyara shi. Idan ya yi tambayar da takardar ba ta amsa ba, mu koma rubutun farko mu duba ko mun share amsar. Idan akwai hali, a kai wa malamin takardar ya duba kafin a raba kwafi. A adana rubutun farko da muryar har damina ta zagayo.

Don tattaunawa a ƙungiya

- Wa ya je horo a madadinmu a baya? Ina bayanin da ya kawo yake yanzu?
- A ɗauki muryar wani yana bayanin yadda ake wani aiki na minti uku. A rubuta, kowa ya ja layi a kan cikon baki. Wa ya share "ba" ko "sai dai"?
- Waɗanne mutum biyu za mu ba wannan aiki, kuma wa zai riƙa karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba?