Awon kulorid cikin gishiri

Gishirin da muke zubawa cikin miya abu biyu ne a haɗe: sodiyom da kulorid. Masana suna rubuta shi NaCl. Amma kantun gishirin da raƙuma ke kawowa daga Bilma ba gishiri ba ne zalla, akwai ƙasa da waɗansu abubuwa a ciki. Yaya za a san yawan kulorid ɗinsa, alhali ba a iya tsince shi da hannu?

Ga dabarar: a sa azurfa ta kama shi. In kulorid ya gamu da azurfa cikin ruwa, sai su haɗu su zama farin gudaji, kamar madarar da ta tsinke. Sunansa kulorid na azurfa, AgCl. Ba ya narkewa cikin ruwa, saboda haka ana iya tace shi a auna.

Yadda ake aikin

Wannan aikin ɗakin gwaji ne. Da farko a daka gishirin, a busar da shi, a auni miligaram 200. A narkar da shi cikin ruwan tururi, wato ruwan da aka dafa aka tara tururinsa. Ruwan rijiya ba ya yi, domin yana da nasa kulorid.

Sai a ɗiga asid nitirik kaɗan. Dalili kuwa, in akwai kanwa cikin gishirin, ita ma tana yin gudaji da azurfa, ta ƙara nauyi na ƙarya. Asid ɗin yana hana wannan.

Sa'annan a riƙa zuba ruwan nitirat na azurfa, AgNO3, sannu sannu, ana motsawa. A kiyaye hannu, don yana baƙanta fata. Nan da nan ruwan zai yi fari. A ɗumama shi har ya kusa tafasa, ƙananan ƙwayoyin su dunƙule su kwanta ƙasa. In ruwan sama ya yi garau, a ƙara ɗigo ɗaya. In ya sake yin fari, da sauran kulorid, sai a ƙara azurfa. In bai sake ba, an kama shi duka.

A ajiye kwalbar cikin duhu awa ɗaya ko biyu. Bayan haka a tace da matacin gilashi wanda aka riga aka auna. A wanke gudajin da ruwa mai ɗan asid nitirik. A busar da shi cikin tanderu mai zafin digiri 110, a bari ya huce, a auna. A sake busarwa, a sake aunawa, har nauyin ya daina raguwa.

Lissafi

Azurfa ta fi kulorid nauyi wajen sau uku. Cikin miligaram 1000 na AgCl, kulorid miligaram 247,4 ne kurum. Wannan rabo ba ya sakewa, shi ne ƙashin bayan aikin duka.

A ce mataci shi kaɗai miligaram 25 300 ne, da gudaji kuma 25 700.

Nauyin gudaji: 25 700 − 25 300 = 400
Nauyin kulorid: 400 × 0,2474 = 99
Kashi cikin ɗari: 99 ÷ 200 × 100 = 49,5

Gishiri zalla yana da kulorid kashi 60,7 cikin ɗari. Da namu zalla ne, da gudajin ya kai miligaram 490. In dai duk kulorid ɗin na NaCl ne, to, gishirin gaske cikin wannan kantu wajen kashi 82 ne cikin ɗari.

Abin da ke ɓata awo

Haske ne babban abokin gaba. In rana ta bugi gudajin da aka tace, sai ya koma shuni, domin hasken yana raba shi, wani kulorid ya gudu cikin iska. Nauyi sai ya ragu.

In an wanke shi da ruwa zalla, dunƙulen yakan warwatse ya bi ta mataci. Za a gane, don ruwan da ya sauka zai yi dishi-dishi. Nan ma nauyi ya ragu.

In bai bushe sarai ba, an auna ruwa tare da shi, amsa ta wuce gaskiya. Shi ya sa ake awo sau biyu ko uku.

Tambayoyi

1. Don me ba a aikin da ruwan rijiya?
2. Mene ne amfanin asid nitirik kafin a zuba azurfa?
3. Gudaji ya yi shuni. Me ya faru?
4. An narkar da gishiri miligaram 250, an sami AgCl miligaram 550. Kulorid kashi nawa ne cikin ɗari?