Yadda Ake Raba Kuɗin Sallama: Ɓangaren da Haraji Bai Hau Kansa Ba da Ragowar da Ake Biya wa Haraji

Idan kamfani ya sallami ma'aikaci, yawanci adadi ɗaya yake rubutawa a ƙasan takarda, ya kira shi kuɗin sallama. Dokar haraji kuwa ba ta san wannan dunƙulen ba. Abin da take tambaya shi ne dalilin biyan kowace naira, domin a buhu ɗaya aka zuba gero da dawa da wake, kuma kowanne da farashinsa. Don haka ma'aikacin da ke zaune a Batsari ko Safana, ko a banki yake aiki, ko a kamfanin sadarwa, ko a ƙungiyar agaji, abin da zai tsare masa haƙƙinsa shi ne ya sa a rarraba masa kuɗin gida uku a rubuce kafin ya sa hannu. Neman a dawo da harajin da ya riga ya shiga asusun gwamnati ya fi wannan wahala nesa ba kusa ba.

Mataki na farko shi ne ka duba ranar da aka biya ka, domin ita ke nuna dokar da ta hau kanka. Daga 2021 zuwa ƙarshen 2025, diyyar rasa aiki har naira miliyan 10 ba ta da haraji, abin da ya ɗora a kai kuma ana cire masa kashi 10 cikin 100. Dokar Haraji ta Najeriya da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta ɗaga wannan iyakar zuwa naira miliyan 50. Ta kuma sauya yadda ake lissafin rarar: yanzu ana haɗa ta da sauran abin da mutum ya samu a shekarar, a bi da ita ta matakalar harajin da ake yi wa albashi. Akantan da har yanzu yake riƙe da tsohon lissafi zai iya yankar maka miliyoyi bisa dokar da aka riga aka soke.

Mataki na biyu shi ne ka nemi takardar da ta jero kowane kuɗi da sunansa da dalilinsa, sannan ka kasa su gida uku. Gida na farko shi ne duk abin da yake ladan aiki: albashin da kake bi bashi, kuɗin hutun da ba ka tafi ba, alawus, da albashin da aka biya a madadin wa'adin sanarwar sallama, wanda Dokar Ƙwadago ta sa wata ɗaya ga wanda ya shekara biyar ko fiye. Wannan gidan duk albashi ne ko da a ranar ƙarshe aka biya shi, kuma harajin albashi, wanda ake rubutawa PAYE a takardar biya, yana kansa baki ɗaya. Gida na biyu shi ne fansho da garatuti da sauran haƙƙin ritaya da aka biya bisa Dokar Gyaran Fansho ta 2014, kuma sabuwar doka ta keɓe su daga haraji komai yawansu. Gida na uku shi ne diyyar da aka biya saboda an katse maka aiki ba da son ranka ba, kamar idan an rage ma'aikata ko an rufe reshe. A wannan gidan kaɗai ake aiki da iyakar miliyan 50.

Gida na biyu yana buƙatar natsuwa, domin kalmar garatuti a takarda ba ta isa hujja ba. A 2019 kotun sauraron ƙararrakin haraji ta shiyyar Kudu maso Gabas, a shari'ar kamfanin Nigerian Breweries da hukumar haraji ta Jihar Abiya, ta yanke cewa garatuti ba shi da haraji a ƙarƙashin tsohuwar doka. Sabuwar doka kuwa ta ɗaure keɓewar da Dokar Gyaran Fansho. Saboda haka ka tambayi ofishin ma'aikata kai tsaye: shin garatutin nan daga tsarin da Hukumar Fansho ta Ƙasa ta amince da shi ya fito, ko kuwa kyauta ce kamfani ya yi daga aljihunsa? Idan na farko ne, ka karɓi shaidar a rubuce. Idan na biyu ne, ka sani jami'in haraji yana da ƙofar da zai ce albashi ne aka jinkirta, kuma gara kamfanin ya nemi matsayar hukumar haraji a rubuce tun kafin ya biya.

Mataki na uku shi ne lissafi. A ɗauka akwai wani manajan shiyya na wani kamfani mai zaman kansa da ke zaune a gidan kansa a garin Batsari, albashinsa naira miliyan 1.5 a wata, aka sallame shi ƙarshen Yunin 2026 saboda rage ma'aikata, kuma bai samu wani kuɗin shiga ba a sauran shekarar. Takardarsa ta ce naira miliyan 70. Da aka warware ta, sai aka ga miliyan 1.5 kuɗin wa'adin sanarwa ne, naira 500,000 kuɗin hutu, miliyan 12 garatuti daga amintaccen tsarin fansho, miliyan 56 kuma diyyar rasa aiki. Garatutin ya fita gaba ɗaya. Daga diyyar an cire miliyan 50, saura miliyan 6. Ke nan miliyan 62 haraji bai hau kansu ba, ragowar da za a biya wa haraji miliyan 8 ce: miliyan 2 na gida na farko da miliyan 6 rarar diyya.

Wannan miliyan 8 ba a lissafa ta ita kaɗai, domin haraji na shekara ne. Ana ɗora ta a kan albashin wata shida, wato miliyan 9, ya zama miliyan 17. Sai a cire gudummawar fanshonsa ta kashi 8 cikin 100, wadda idan an lissafa ta a kan dukkan albashin ta kama naira 720,000, a rage naira 16,280,000. Da haya yake zaune, da an ƙara rage masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, har zuwa naira 500,000. Yanzu a hau matakala. Naira 800,000 na farko ba su da haraji. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15, wato naira 330,000. Miliyan 9 na gaba kashi 18 ne, wato naira 1,620,000. Abin da ya rage, naira 4,280,000, ya faɗa matakin kashi 21, wato naira 898,800. Harajin shekarar gaba ɗaya ya zama naira 2,848,800.

Mataki na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa: a cire harajin da aka riga aka yanka wata-wata. Tun Janairu kamfanin yana lissafi ne kamar mutumin zai cika shekara, don haka a wata shida ya riga ya cire naira 1,453,800. Abin da ya halatta a yanka daga kuɗin sallamar ke nan naira 1,395,000, manajan ya tafi gida da naira 68,605,000. Da an dunƙule miliyan 70 ɗin a matsayin albashi, da lissafin ya haye matakin kashi 23, ya kai na kashi 25 da ke farawa bayan miliyan 50, harajin shekarar ya kai naira miliyan 17.5. Bambancin ya haura miliyan 14.6. Alamar da za ta nuna maka an yi wannan kuskuren mai sauƙi ce: idan ka ga layin PAYE guda ɗaya a ƙarƙashin jimillar kuɗin, babu inda aka nuna abin da aka keɓe, to an dunƙule.

Mataki na biyar shi ne bin sawun kuɗin. Doka ta ɗora wa mai biyan diyya nauyin cire harajin a lokacin biya, ya kai shi hukuma. Harajin mutum yana zuwa jihar da yake zaune, ko da hedikwatar kamfanin tana Legas ko Abuja, don haka na manajan nan Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Katsina ce ke da shi. Ɗan Safana da ya tare a Kano yana aiki kuwa, nasa na Kano ne, ko da iyayensa suna Runka. Ka karɓi rasit ko shaidar an kai kuɗin da sunanka da lambar harajinka, ka ajiye tare da takardar ɗaukar aiki da ta sallama, ka kuma shigar da bayanin kuɗin shigarka na shekarar zuwa 31 ga Maris na shekara mai zuwa. Idan hukuma ta aiko da ƙiyasin da ba ka yarda da shi ba, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, idan ba a daidaita ba akwai kotun ƙararrakin haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma da ke zama a Kaduna.

Wani zai ce tunda diyya tana da rangwame, me zai hana a rubuta komai a matsayin diyya, a huta? Abin da zai hana shi ne jami'in haraji yana karanta takardar ɗaukar aiki tare da ta sallama. Tun 2017 hukumar haraji ta Jihar Legas ta fitar da sanarwa cewa kuɗin da aka riga aka yi yarjejeniya a kansa tun farko albashi ne, diyya kuma ita ce wadda katsewar aikin ta haifar. Kuɗin hutu da bashin albashi suna da shaida a littafin kamfani, kuma idan bincike ya tono su za a biya harajin tare da tara da kuɗin ruwa. Rabon gaskiya yana kare miliyan 50 ɗinka ne domin babu inda za a kama shi da ƙarya.

Wani kuma zai ce mutum nawa ne a Batsari da Ruma da Zakka za su taɓa ganin miliyan 50, har a ɓata lokaci a kan wannan? Gaskiya ne kaɗan ne, amma ƙaramin ma'aikaci ya fi kowa buƙatar rabon. Direban da ke ɗaukar naira 100,000 a wata, aka sallame shi a Yuni da diyyar miliyan 4, diyyarsa duka keɓaɓɓiya ce, albashinsa na naira 600,000 kuma bai kai 800,000 ba, don haka harajinsa na shekarar sifili ne. Idan aka dunƙule, lissafin zai zama miliyan 4.6, harajin ya kai wajen naira 618,000. A yankin da rashin tsaro daga dajin Rugu ya daɗe yana hana mutane gonakinsu, wannan kuɗin jarin iyali ne, kuma direba ba shi da lauyan da zai bi masa shi.

Saboda haka kada ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka sai an nuna maka gidaje ukun nan da adadinsu, da harajin da aka riga aka cire, da jihar da za a kai sauran. Neman wannan bayanin ba rashin kunya ba ne ga shugabanninka, lissafin da doka ta wajabta wa kamfanin ne, kuma idan an ƙi ba ka, ka rubuta buƙatarka ka riƙe kwafi mai ɗauke da kwanan wata.