Kada ka saki gyaran manhaja ga kowa a rana ɗaya

Tambaya: Ni ke kula da kwamfutocin wata ƙungiya mai ofisoshi a Tanout da Belbédji. In sabon gyaran Windows ya fito, in sa wa duka nan take?

Amsa: A'a, malam. Ka tuna 19 ga Yuli 2024, ranar da gurɓataccen gyaran kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya. Galibinsu sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. A yankinku na Damargu, wannan na nufin doguwar tafiya cikin rairayi saboda kwamfuta guda.

Microsoft na fitar da gyaransa ranar Talata ta biyu a kowane wata. A ce kwamfutocinka 40 ne. Zaɓi huɗu a Tanout, inda hannunka ke kaiwa: tsohuwa, sabuwa, ta akanta, da mai haɗe da firinta. Kwafe bayanansu tukuna, sannan ka sa musu gyaran, ka dakatar da na sauran.

Bar su kwana uku ana aikin yau da kullum. Duba ko suna tashi lafiya bayan an kashe, ko firinta na bugawa, ko manhajar albashi na buɗewa. In matsala ta ɓullo, cire gyaran da wannan umarni, ka sa lambarsa a gurbin NNNNNNN:

```
wusa /uninstall /kb:NNNNNNN
```

In lafiya lau, sa wa sauran na Tanout, Belbédji daga ƙarshe. Amma in ɓarayin intanet sun riga sun fara shiga ta ɓarakar da gyaran ke toshewa, taƙaita gwajin zuwa kwana ɗaya.