Ina 31 ga Fabrairu? Darasi Kan Lissafin Garanti

Darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga abin da ya faru a gidan ɗaya daga cikinmu a nan Mabai.

Ranar 31 ga Agusta 2024, babansa ya sayo fitila mai sola a wani shago a Ƙanƙara. Mai shago ya rubuta a rasit: garanti wata 6. A ƙarshen Fabrairu 2025 fitilar ta daina ɗaukar caji. Baba ya ce ai da sauran lokaci, tunda ranar 31 ya saya. Sai ranar Litinin, 3 ga Maris, ya mayar da ita. Mai shago ya duba rasit ya ce garanti ya ƙare tun ranar Juma'a. Haka Baba ya dawo da matacciyar fitila, ga azumi ya kama, ana bukatar haske lokacin sahur.

Wa ke da gaskiya? Mun zauna mun lissafa.

Ga yadda ake yi. Da farko a ƙirga watanni kawai, kada a taɓa ranar. Daga Agusta: Satumba 1, Oktoba 2, Nuwamba 3, Disamba 4, Janairu 5, Fabrairu 6. Da muka wuce Disamba shekara ta canza, mun shiga 2025. Sannan a dawo da ranar, wato 31 ga Fabrairu. To, a nan gizo ke saƙar, domin babu wannan rana a kalanda. Fabrairun 2025 kwana 28 gare shi.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce: idan ranar ba ta cikin watan da aka sauka, sai a tsaya a ranar ƙarshe ta watan. Ke nan garantin ya ƙare ranar 28 ga Fabrairu 2025, kamar yadda mai shago ya faɗa. Shi kuwa Baba ya tsallaka da ragowar kwana 3 zuwa cikin Maris, shi ya sa ya samu 3 ga Maris. Malamin kwamfuta ya nuna mana cewa Excel ma tsayawa yake yi a ƙarshen wata:

```
=EDATE(DATE(2024,8,31),6)
```

Idan aka mayar da amsar zuwa kwanan wata, 28 ga Fabrairu 2025 take nunawa. Da a 2023 aka sayi fitilar, da amsar ta zama 29 ga Fabrairu 2024, domin a shekarar Fabrairu ya yi kwana 29. Zai sake yin haka a 2028.

Akwai kuma lissafi na uku. Wani yana ɗaukar kowane wata kwana 30 ne, sai wata 6 ya zama kwana 180. Mun ƙirga daga 31 ga Agusta, muka sauka a 27 ga Fabrairu. Kun ga rasit ɗaya, amsa uku: 27, 28 da kuma 3 ga Maris. Irin wannan ne ke faruwa da datar waya da muke kira ta wata alhali ta kwana 30 ce. Wanda ya saya ranar 31 ga Janairu 2025, kwana 30 zai kai shi 2 ga Maris, ba ƙarshen Fabrairu ba.

Tarko na ƙarshe yana ga mai biyan kuɗi wata-wata, kamar kuɗin kallon tashoshi. A ce an fara ranar 31 ga Janairu 2025. Biya na gaba 28 ga Fabrairu ne. Idan daga nan aka ƙara wata ɗaya, sai a samu 28 ga Maris, kuma a 28 za a maƙale har gaba. Amma idan aka koma ranar farko aka ƙara wata 2, za a samu 31 ga Maris. Bambancin kwana 3 ke nan. Don haka idan yarjejeniyar ta wata-wata ce, daga ranar farko za a riƙa ƙirgawa.

Don tuna watannin da ba su da 31, ku riƙe waɗannan: Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba kwana 30 gare su, sai Fabrairu mai 28 ko 29.

Shawararmu ga iyayenmu: kada a bar shago da "wata 6" kawai a rasit. A roƙi mai shago ya rubuta ranar ƙarewa da hannunsa, rana da wata da shekara. Idan kaya ya lalace, a mayar da shi da wuri.

Tambayar mako: an sayi waya ranar 31 ga Disamba 2027 da garantin wata 2. Yaushe zai ƙare? A kawo amsa wurin 'yan ƙungiya kafin Alhamis.