Miki Ya Warke, Tunjere Na Nan a Jini

A aikina na ma'aikacin lafiya a yankin Yasore, cikin ƙaramar hukumar Batsari, akwai amsar da nake yawan ji idan na tambayi mutum ko ya taɓa ganin miki a gabansa: "An yi wani ɗan ƙurji, amma ya tafi da kansa, ko zafi bai yi ba." Mai maganar yana faɗa ne da kwanciyar hankali. Ni kuwa a nan hankalina yake tashi, domin haka ciwon tunjere yake farawa.

Ƙwayar tunjere tana shiga jiki ta hanyar saduwa da mai ɗauke da ita. Bayan kamar mako 3, wani lokaci kwana 10, wani lokaci har kwana 90, sai miki ya fito daidai inda ta shiga. Galibi ƙwaya ɗaya ne, zagayayye, gefensa da tauri, ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zubar da mugunya. Kaluluwa kan fito a matsematsi, ita ma ba zafi. Namiji yakan gan shi, amma a jikin mace sau da yawa yana ɓuya a ciki ko a bakin mahaifa, ta yi ciwon ba ta sani ba. Cikin mako 3 zuwa 6 mikin zai bushe, ko an sa magani ko ba a sa ba. A nan ake ruɗuwa. Wanda ya barbaɗa garin sassaƙe ko ya sha kafso biyu na kemis sai ya ce maganinsa ne ya yi aiki. Fata ce kawai ta haɗe, ƙwayar kuwa tuni ta bi jini ta zaga jiki.

Wani magidanci ya dawo daga ci-rani dab da faɗuwar damina. Bayan 'yan makonni ya ga irin wannan mikin, ya shafa garin magani, ya wuce. Wata biyu bayan nan ya zo wurina da zazzaɓi kaɗan-kaɗan, ciwon gaɓoɓi, da wasu tabo jajaye-jajaye a tafin hannu da tafin ƙafa. Ya ce, "Likita, zafin jini ne ko shawara?" Na ce, "Malam, suna ƙaiƙayi?" Ya ce ko kusa. Ƙuraje a tafin hannu da ƙafa marasa ƙaiƙayi ba su da yawa a cututtukanmu, shi ya sa na ja shi gefe na tambaye shi labarin miki. Wannan shi ne mataki na biyu na tunjere. Wasu gashin kansu yakan zube tsibi-tsibi, wasu su sami fararen ƙuraje masu damshi a baki ko a dubura, kuma a wannan lokacin ciwon yana saurin yaɗuwa. Su ma waɗannan alamomin suna tafiya da kansu. Daga nan ciwon sai ya yi lamo, shekaru ba alama, jini kaɗai ke nuna shi. A wasu mutane, bayan shekara 10 zuwa 30, yana taɓa zuciya da babbar jijiyar jini da ƙwaƙwalwa, ya kawo shanyewar jiki ko gushewar hankali. Ido da kunne kuma yana iya kama su a kowane mataki.

Magidancin nan na ɗan soki yatsarsa na yi gwajin nan-take, cikin minti 20 ya nuna yana da shi. Sai dai wannan gwajin yana da iyaka biyu da ya kamata kowa ya sani. Idan mikin sabo ne, jini na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan, don haka ake maimaitawa bayan mako 2 zuwa 4. Sannan wanda ya taɓa yin tunjere, gwajin zai ci gaba da nunawa galibi har ƙarshen rayuwa ko da ya warke. Shi ya sa na tura shi babban asibiti aka yi masa gwaji na biyu, wanda ake rubutawa RPR ko VDRL a takarda, mai auna ƙarfin ciwon. Nasa ya fito 1:32.

Maganin allura ce, fenisilin mai daɗewa a jiki da ake kira benzatin, awo miliyan 2.4, a ɗuwawu. Idan ciwon sabo ne kamar nasa, sau ɗaya ya wadatar. Idan ya daɗe, ko ba a san lokacin da aka kamu ba, allura 3 ce, ɗaya kowane mako, ba a tsallakewa. Dalilin zaɓen wannan allurar shi ne ƙwayar tunjere a hankali take hayayyafa, sai magani ya zauna a jini kwanaki masu yawa kafin ya gama da ita. Kafso na kwana biyu ko uku zai iya dushe alamomi ya bar ciwon. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin ana ba shi doksisaikilin na kwana 14 idan ciwon sabo ne, amma ba a ba mai ciki. Na kuma gargaɗe shi cewa a ranar farko zazzaɓi da rawar sanyi na iya taso masa, mutuwar ƙwayoyin ce, zai lafa cikin yini guda. Amma kumburin fuska ko sarƙewar numfashi wani abu ne daban, shi ya sa muke zaunar da mutum rabin awa bayan allura.

Sauran aiki yana gida. Matansa biyu, amarya tana da cikin wata 4. Na ce, "Malam, maganinka bai cika ba sai an yi wa iyalinka. Idan ba haka ba, su za su mayar maka, domin warkewa ba ta hana sake kamuwa." Ya yi shiru, sannan ya ce yaya zai faɗa musu. Muka shirya ya kawo su, ma'aikaciyarmu ta yi musu bayani ɗaya bayan ɗaya. Amarya gwajinta ya nuna, ba ta taɓa ganin miki ba. Uwargida nata bai nuna ba, amma an yi mata allurar, domin duk wanda aka sadu da shi cikin kwana 90 na baya ana yi masa magani ba tare da jiran gwaji ba. Aka ce su ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 bayan allurar kowa. Bayan wata 6 gwajinsa ya sauko zuwa 1:8, ragi ninki huɗu, wanda shi ne shaidar magani ya kama.

Batun mai ciki shi ya fi damuna. Tunjere na ratsa mahaifa ya kama ɗan tayi: ɓari, haihuwar gawa, bakwaini, ko jariri mai kumburin hanta da zubar majina, daga baya kurumta ko makanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an sami jarirai kusan 700,000 da suka kamu daga uwa. A gidajenmu mace za ta yi ɓari biyu, uku, a ce iska ce ko wabi, ba wanda ya duba jininta. Allura a farkon ciki tana kare yaro, kuma sai an yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa ake lissafin ta isa gare shi da kyau. Yanzu akwai gwaji ɗaya da ke duba tunjere da ƙanjamau tare a wurin awo, kuma haɗa su ya dace, tunda mikin tunjere ƙofa ce ga ƙwayar ƙanjamau.

Na san halin hanyoyinmu tsakanin Batsari da Safana, na san rashin tsaro ya sa mata da yawa jinkirta awo. Ke mai ciki, duk ranar da aka samu fita, ki ce a duba miki tunjere, ki tabbata an rubuta sakamakon a katinki. Kai kuma da ka taɓa ganin miki marar zafi, ko bara ne ko shekara biyar da suka wuce, je ka ba da jini a Batsari, Dutsin-Ma ko Katsina. Ba a ɗaukar wannan ciwo a masai ko buta ko kwanon abinci, kuma yana warkewa sarai. Abin da allura ba ta iya gyarawa shi ne ɓarnar da ya riga ya yi wa zuciya, ƙwaƙwalwa ko jariri kafin a zo.