Yadda Ake Zaɓen u a Intigireshan

Na daɗe ina koyar da kalkulas, kuma har yau raina kan yi fari in na ga tambaya mai kama da gyaɗa cikin ɓawo, wato lissafi ɗaya kwance cikin wani. Ga irinta:

∫ x² √(x³ + 5) dx

Alamar √ ita ce ɓawo, x³ + 5 kuma ƙwaya. Ita za a sa wa suna u, kuma a ɗauke ta har da 5 ɗin, don in aka bar shi a baya, sai an sake yin wani canjin.

Amma gano ƙwaya bai wadatar ba, kuma a nan ake sanin gwani. Kafin ka rubuta komai, nemo difarenshiyeshan na ƙwayar a ka, sannan ka dubi abin da ke waje. Na x³ + 5 shi ne 3x². Me ke zaune a gefe? x². Bambancinsu 3 ne kawai, kuma lamba tsura ba ta hana aiki. Dalili kuwa, duk wanda ya yi difarenshiyeshan na lissafi mai ciki da waje, sai na cikin ya faɗo gefe ana ninkawa da shi. Sawun nan muke bi mu koma gida.

To, u = x³ + 5, du = 3x² dx, don haka x² dx = du/3. Tambaya ta zama (1/3) ∫ √u du, amsarta kuma (2/9)(x³ + 5)^(3/2) + C. Wannan musaya ta dx da du albarkacin alamun da Leibniz ya fara rubutawa a 1675 ce, kuma ina ganin ba a gode masa yadda ya kamata.

Inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe shi ne irin ∫ cos(x²) dx. Ƙwaya a fili take, x² ce, sai yaro ya rubuta dx = du/(2x), ya ja 1/(2x) ya fitar da shi bayan alamar ∫ kamar lamba. Ba ya fita, domin x canzawa yake. Abin da nake faɗa musu kullum shi ne, bayan canji, in x ɗaya ya rage a tsakiyar u, aiki bai gama ba. Ko dai a iya rubuta shi da u, ko zaɓin bai yi ba. Wannan tambayar ma ba ta da amsa cikin lissafan da aka saba. Masu nazarin haske suna kiranta da sunan Fresnel, da ƙiyasi suke samun ƙimarta. Amma sa x ɗaya a gabanta, ∫ x cos(x²) dx, nan take ta buɗe: (1/2) sin(x²) + C.

In ka samu amsa, yi mata difarenshiyeshan. In zaɓinka daidai ne, x² √(x³ + 5) zai dawo maka yadda ka same shi.